Sifirin a Kan Takarda: Yadda Ake Gano Tsawonsa da Yawan Zagayensa

Idan makanike ya kwance kan injin babur ya ciro sifirin ɗin bawul, littafin gyara zai ce masa ya auna tsawonsa yana ajiye, ba a danne ba, ya kwatanta da adadin da kamfani ya rubuta. In ya gaza wannan adadi, sifirin ya gaji, sai a canza. Wannan aiki ne mai sauƙi, domin wani ya riga ya yi lissafin ya ajiye. Wahalar tana zuwa ne a lokacin da babu littafi, ko sifirin ɗin ya karye gida uku, ko kuma injin sabo ne ana kan ƙera shi, abin da ke hannu kawai takarda ce mai 'yan lambobi: kaurin waya kaza, faɗi kaza, ya ɗauki nauyi kaza idan an danna shi zuwa wuri kaza. Daga waɗannan ne ake fitar da abubuwa uku da mai naɗa sifirin ba zai iya fara aiki ba sai da su, wato zagaye nawa zai naɗa, tsawonsa nawa ne a sake, kuma tsawonsa nawa ne idan an danƙare shi har zagayen suka haɗu da juna.

Sifirin ɗin da ake magana a nan shi ne na dannawa, irin wanda ke cikin biro, da kan bawul, da farantin kuloci, da shokozobar babur. Na ja, mai ƙugiya a kowane gefe, lissafinsa daban ne.

Abubuwan nan uku suna da jeri. Ba a fara neman ɗaya sai an sami wanda ke gabansa, kuma galibin kurakuran da ake yi daga tsallake jerin suke fitowa. Za mu bi takarda guda ɗaya daga farko zuwa ƙarshe don a ga yadda kowane adadi ke haifar da na gaba.

Abin da takardar ta faɗa

A ce takardar ta ce wayar fiyano ce, wato wayar ƙarfe mai inganci da aka fi yin ƙananan sifirin da ita, kaurinta milimita 2.5. Faɗin sifirin daga waje zuwa waje milimita 22.5. Bakunansa biyu a rufe suke, an kuma goge su sun yi sumul. Idan aka sa shi a mazauninsa, tsawonsa zai zama milimita 50, kuma a nan ana son ya tura da ƙarfin niyutan 60. Idan injin ya danna shi iyakar tafiyarsa, tsawon zai koma milimita 35, ƙarfin turawar ya kai niyutan 150. Ga wanda bai saba da niyutan ba, nauyin kilo ɗaya ya kai kusan niyutan 9.8, saboda haka maganar kusan kilo 6 da kilo 15 ake yi.

Takardar ba ta ambaci tsawon sake ba, ba ta ambaci yawan zagaye ba. Wannan ba mantuwa ba ce. Injin da sifirin zai shiga bai damu da tsawonsa a kan tebur ba. Abin da ya dame shi shi ne ƙarfin da zai samu a wurare biyun nan.

Tauri, sannan tsawon sake

Tun 1678 Robert Hooke ya buga abin da ya gano a Ingila, cewa gwargwadon yadda ka danna ko ka ja sifirin, gwargwadon ƙarfin da zai mayar maka. Ka ninka dannawa, ƙarfin ya ninku. Wannan ne ya sa kowane sifirin mai zagaye iri ɗaya yake da adadi guda da ke bayyana halinsa, wato taurinsa: niyutan nawa ake buƙata don a rage masa milimita ɗaya. Injiniyoyi suna rubuta shi da harafin k.

A takardarmu, daga milimita 50 zuwa 35 tafiyar milimita 15 ce. A cikin wannan tafiya ƙarfin ya tashi daga 60 zuwa 150, ƙarin niyutan 90 ke nan. Raba 90 da 15, ka sami 6. Taurin sifirin ɗin niyutan 6 ne a kowace milimita.

Da zarar an san wannan, tsawon sake ya fito da kansa. Sifirin mai taurin 6 ba zai tura da niyutan 60 ba sai an riga an danna shi milimita 10. Tunda a wannan hali tsawonsa 50 ne, kafin a danna shi 60 ne. A rubuce:

```
k = (F2 − F1) / (L1 − L2)
L0 = L1 + F1 / k
```

F ƙarfi ne, L tsawo, L0 kuma tsawon sake. Yana da kyau a gwada ta ɗaya wurin ma: niyutan 150 a raba da 6 ya ba da 25, a haɗa da 35, ya sake ba da 60. Wannan gwaji na kama kuskuren lissafi ne kawai. Amma akwai takardun da ke ba da tsawon sake da tauri da kuma ƙarfi a wurare biyu duka a lokaci guda, kuma a irin waɗannan ne gwajin ke da amfani sosai, domin sau da yawa za ka tarar lambobin ba su yarda da juna ba. In haka ta faru, ba aikin mai lissafi ba ne ya zaɓi wanda ya yi masa daɗi. Sai a koma wa mai zanen a tambaye shi wanne ne injin ba zai iya yi babu shi ba.

Yawan zagaye

Nan ne aikin yake. Idan ka danna sifirin, ido yana ganin kamar lanƙwasa wayar ake yi, alhali murɗa ta ake yi, kamar yadda ake murɗa zane bayan wanki don a matse ruwa. Sifirin doguwar sandar ƙarfe ce da aka naɗe don ta shiga ƙaramin wuri, kuma kowane ɗan yanki na wayar yana murɗuwa kaɗan. Doguwar waya ta fi gajera sauƙin murɗawa, siririya ta fi mai kauri sauƙi. Daga nan aka samo ƙa'idar tauri:

```
k = G × d^4 / (8 × D^3 × Na)
```

Ƙaramin d kaurin waya ne. Na yawan zagaye masu aiki ne. G adadi ne da ke nuna yadda ƙarfen ke ƙin murɗuwa, kuma ga ƙarfen sifirin na yau da kullum yana wajen 79,000 zuwa 81,000 idan ana lissafi da niyutan da milimita. Za mu ɗauki 80,000.

Babban D shi ne ke kayar da mutane. Ba faɗin waje ba ne, ba na ciki ba ne, faɗi ne daga tsakiyar waya a wannan gefe zuwa tsakiyar waya a wancan gefe. Ana samunsa ta cire kaurin waya ɗaya daga faɗin waje. A namu, 22.5 a cire 2.5, saura 20. In faɗin ciki aka bayar, sai a ƙara kaurin waya ɗaya a kai.

Tunda mun san taurin da muke so, sai a juya ƙa'idar a nemi zagaye. Kauri 2.5 a ninka shi a kansa har sau huɗu, wato 2.5 × 2.5 × 2.5 × 2.5, ya ba da 39.06. A ninka da 80,000, an sami 3,125,000. A ƙasa kuma, 20 × 20 × 20 ya ba da 8,000, sau 8 ya zama 64,000, sau taurin nan 6 ya zama 384,000. A raba na sama da na ƙasa, amsar ita ce 8.14. Zagaye masu aiki takwas da 'yan kai.

Yanzu a duba abin da zai faru da wanda ya manta ya sa 22.5 a madadin 20. Bambancin a ido milimita biyu da rabi ne kawai, amma da yake sau uku ake ninka faɗin a kansa, lissafinsa zai ba shi zagaye 5.7. In aka naɗa sifirin da wannan adadi, taurinsa zai kai kusan 8.5 maimakon 6, ya zarce abin da ake so da fiye da kashi 40 cikin ɗari. Kaurin waya ya ma fi haka tsanani, domin shi sau huɗu ne. In babu waya mai 2.5 a kasuwa aka sa mai 2.6, aka bar faɗin waje da yawan zagaye yadda suke, taurin zai ƙaru da kusan kashi 19 cikin ɗari. Ido ba ya bambanta wayoyin nan biyu, rula ma ba ta iyawa. Shi ya sa kaurin waya da maikuromita ake auna shi, ko aƙalla kalifa mai kyau, kuma a tsakiyar sifirin, ba a baki inda aka goge ba.

Ba dole ne zagaye su zama cikakken adadi ba. Injin naɗa sifirin yana iya tsayawa a kwata ko rabin zagaye. Amma an saba kai adadin zuwa kwata mafi kusa. In muka ɗauki 8 daidai, taurin zai zama 6.10, ya ɗara da ƙasa da kashi 2 cikin ɗari. In muka ɗauki 8.25, zai zama 5.92. Takwas da kwata ya ɗan fi kusa, amma wannan ɗan bambanci bai kai girman saɓanin da ake samu tsakanin wannan ƙullin waya da wancan ba. Mu tsaya a kan 8.

Wani abu da ke ba mutane mamaki shi ne G kusan ɗaya ne ga ƙarfe mai tsada da mai arha. Wayar fiyano da wayar sifirin ta gama-gari, in kauri da faɗi da zagaye ɗaya ne, taurinsu kusan ɗaya zai fito. Zafafa ƙarfe a tsoma shi cikin mai ba ya ƙara wa sifirin wannan taurin, abin da yake ƙarawa shi ne nisan da za a iya danna shi ya dawo daidai. Inda G ke canzawa sosai shi ne in an canza jinsin ƙarfen. Ƙarfen da ba ya tsatsa, wanda ake sawa inda akwai ruwa ko abinci, G ɗinsa yana wajen 69,000. Da shi takardarmu ta ce a yi amfani, da zagaye masu aiki 7 za mu samu, ba 8 ba.

Zagayen da ba sa aiki

Takwas ɗin nan ba shi ne adadin da za ka ƙirga a jikin sifirin ba. Ɗauki sifirin ɗin bawul ka duba bakinsa. Zagaye na ƙarshe a kwance yake a kan na kusa da shi, babu tazara a tsakani. An yi haka ne don sifirin ya zauna a miƙe a mazauninsa. Wannan zagaye ba ya murɗuwa idan an danna, saboda haka ba ya cikin lissafin tauri. Amma waya ce, tana da kauri, tana cin wuri.

Littattafan zanen injina, irin su na Shigley da ake koyarwa da shi a jami'o'i da dama, sun kasa bakin sifirin gida huɗu. Akwai buɗaɗɗen baki da aka yanke kawai aka bari, inda ake ɗaukar duk zagayen a matsayin masu aiki. Akwai buɗaɗɗen da aka goge, inda ake cire zagaye ɗaya gaba ɗaya, rabi a kowane gefe. Sai rufaffe ba gogewa, da rufaffe gogagge, waɗanda a dukansu zagaye biyu ne matattu, ɗaya a kowane gefe. Namu rufaffe ne gogagge, saboda haka jimillar zagaye ita ce 8 da 2, wato 10.

Wannan ƙa'idar ta biyu ta sifirin ce da aka naɗa da waya mai sanyi. Manyan sifirin da ake naɗawa da zafi, irin na ƙafar jirgin ƙasa, ƙa'idar Turai mai lamba EN 13906-1 ta ce ɗaya da rabi ake ƙarawa. Ko a kan ƙananan ma, biyun nan kimantawa ce da aiki ya tabbatar tana kusa da gaskiya, domin babu wani layi a jikin waya da ke raba inda aiki ya tsaya da inda ya fara.

A ganina babu kalma mafi haɗari a takardar sifirin kamar a rubuta "zagaye 8" a yi shiru. Mai zane yana nufin masu aiki, mai naɗi ya ɗauka jimilla ce, ya naɗa takwas har da na baki. Masu aiki sun koma shida ke nan, tauri ya tashi daga 6.1 zuwa 8.1, ƙarin kashi ɗaya cikin uku. Sifirin zai iya zuwa da tsawon milimita 60 daidai, faɗinsa daidai, wayarsa daidai, a karɓa a sa hannu, sai an ɗaura shi a ga injin ya yi nauyi. Haka abin yake ga masu yanke sifirin don su rage tsayin mota ko babur. Duk zagayen da aka yanke, abin da ya rage ƙara tauri yake yi, kuma an rasa rufaffen bakin da ke zaunar da shi.

Wajen ƙirga zagaye a jikin sifirin, ana farawa daga tsinin waya a gefe ɗaya, a sa alama, a bi ta zagaye bayan zagaye har tsinin ɗaya gefen. In tsinin ƙarshe ya tsaya a ɗaya ɓangaren, daura da na farko, akwai rabin zagaye a kai. Masu ƙirga layukan waya ta gefe kawai sukan yi ƙari ko ragi da ɗaya.

Tsawon danƙarewa

Idan aka danna sifirin har babu sauran tazara, ya daina zama sifirin, ya koma guntun bututun ƙarfe. Tsawonsa a wannan hali kaurin wayoyin ne kawai a jere, kuma a nan jimillar zagaye ake amfani da ita, har da matattun:

```
Ls = d × Nt          (gogaggen baki)
Ls = d × (Nt + 1)    (bakin da ba a goge ba)
```

Nt jimillar zagaye ce. Ƙarin ɗayan nan yana da dalili mai sauƙi. Naɗa waya zagaye ɗaya tak a jikin sanda, za ka ga ƙarshenta ya hau kan farkonta, tsayin ya zama kauri biyu. Zagaye goma kuwa kauri goma sha ɗaya ne. Gogewa tana cinye kusan rabin kauri a kowane baki, sai ɗayan nan ya tafi. Namu 2.5 sau 10, milimita 25. Da ba a goge shi ba, da 27.5 ne. Sifirin mai siririyar waya sosai, kamar na biro, ba a cika goge bakinsa ba, don haka a tuna da ƙarin nan idan shi ake lissafawa.

Milimita 25 ɗin nan ta takarda ce. Waya tana iya zuwa da ɗan ƙarin kauri cikin iyakar da aka yarda, kuma in an yi wa sifirin fenti ko an lulluɓe shi da zinki, kowane zagaye ya ƙara kaɗan. Ƙarin 0.03 a waya, sau goma, ya zama 0.3. Shi ya sa masu ƙwarewa ke rubuta tsawon danƙarewa a matsayin iyaka, su ce kada ya wuce kaza, ba su ce ya zama kaza daidai ba.

Amfanin wannan adadi yana cikin kwatanta shi da gajeren tsawon da injin zai kai sifirin. Injinmu zai danna shi zuwa 35, shi kuma ba ya danƙarewa sai a 25. Akwai sarari na milimita 10. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce a bar aƙalla kashi 15 cikin ɗari na duk dannawar da zai sha a aiki. Daga 60 zuwa 35 dannawar 25 ce, kashi 15 nata bai kai milimita 4 ba, saboda haka mun wuce da nisa. Dalilin barin wannan sarari biyu ne. Na farko, tazarar zagaye ba ta taɓa zama daidai wa daida, wasu sukan riga wasu haɗuwa, kuma da zarar sun haɗu sun fita daga aiki, tauri ya fara hawa. Na biyu ya fi muni. In injin yana da sauran tafiya alhali sifirin ya riga ya danƙare, ƙarfin ba shi da inda zai je sai jikin wani abu. A injin mota ko babur, wannan na faruwa idan an sa kamshaf mai ɗaga bawul fiye da na asali, ko an cusa wasa a ƙarƙashin gajiyayyen sifirin don a ƙara masa ƙarfi. Wasan yana ƙara ƙarfin, gaskiya ne, amma kaurinsa daga cikin sararin nan yake cinyewa. Alamar da ake gani ita ce layi mai sheƙi a saman waya da ƙasanta, inda zagaye ke dukan juna. Wani lokaci kuma sai dai a tarar da lanƙwasasshen ƙarfe ko karyayyen sifirin.

Taku, da gwajin da ke haɗa komai

Mai naɗi yana buƙatar adadi ɗaya kuma, wato taku: nisa daga tsakiyar wannan zagaye zuwa tsakiyar na gaba idan sifirin yana sake. Ga rufaffen baki gogagge, matattun zagaye biyu suna cin kauri biyu daga tsawon, sauran a raba wa masu aiki:

```
L0 = p × Na + 2d
```

Harafin p shi ne takun. Ga rufaffen da ba a goge ba 3d ake sawa a madadin 2d. Namu 60 a cire 5, saura 55, a raba da 8, ya ba da 6.875. A cire kaurin waya, tazarar da ido zai gani tsakanin zagaye ita ce 4.375. Tazara takwas irin wannan sun haɗa milimita 35, kuma 60 a cire 25 ma 35 ne. Idan waɗannan biyu suka zo ɗaya, tsawon sake da tsawon danƙarewa da yawan zagaye sun yarda da juna. In ba su zo ɗaya ba, galibi an ɗauki ƙa'idar wani baki an haɗa da ta wani.

Wannan ƙa'idar ita ce kuma hanyar samun tsawon sake idan takarda ta ba da taku da zagaye amma ba ta ba da ƙarfi ba, ko idan gutsattsarin karyayyen sifirin ne a hannu. Sai dai takun tsohon sifirin yana iya zama ya riga ya ragu da gajiya, saboda haka abin da aka samu ta nan a ɗauke shi a matsayin mafi ƙaranci.

Ko wayar za ta jure

Lambobi suna iya yarda da juna amma sifirin ya ƙi yin aiki. Wata rana, ko wajen ɗaurawa ko wajen gwaji, wani zai danne shi har ƙasa. A nan ƙarfin zai kai 35 sau 6.1, kusan niyutan 214. Tambayar ita ce ko wayar za ta dawo tsawonta bayan haka. Ana lissafa wahalar da wayar ke sha, a ƙara gyaran da A. M. Wahl, injiniyan kamfanin Westinghouse, ya fito da shi saboda cikin zagaye ya fi bayansa shan wahala. Littafinsa kan sifirin ya fito a 1944, har yau ana amfani da gyaran. Ga namu lissafin yana ba da kusan niyutan 830 a kan kowace murabba'in milimita. Wayar fiyano mai wannan kauri tana jure kusan 870 kafin ta fara zama a murɗe, saboda haka ta tsira, ko da yake da ƙyar. Wayar gama-gari mai arha iyakarta ba ta kai 700 ba. Ita ma za ta ba da tauri 6.1 a ranar farko, amma dannawa ɗaya har ƙasa, sai ta dawo da ƙasa da milimita 60, kuma duk milimita ɗaya da ta rasa, niyutan 6 ne suka tafi daga ƙarfin da injin ke jira. Wasu kamfanoni sukan naɗa sifirin ya ɗara tsawon da ake so, su danƙare shi da gangan sau 'yan kaɗan har ya zauna a tsawon da aka nema, don kada ya yi wannan zaman a cikin injin.

Sauran dubawa biyu gajeru ne. A raba D da d, namu 8 ne, kuma tsakanin 4 da 12 ne ya fi sauƙin naɗawa. Ƙasa da haka waya tana wahala, sama da haka sifirin yana yin laƙai-laƙai yana sarƙewa da 'yan'uwansa. Sannan a raba tsawon sake da D. Namu 3 ne. In ya wuce 4, sai a fara tunanin zai iya karkacewa gefe idan an danna, a sa masa sanda a ciki ko a zaunar da shi cikin rami. Ramin kuma a ba shi sarari, domin faɗin sifirin yana ƙaruwa kaɗan idan ya danƙare, a namu kusan 0.1 na milimita.

Abin da za a rubuta wa mai naɗi

Mun sami zagaye masu aiki 8, jimilla 10, tsawon danƙarewa 25, tsawon sake 60. Amma da tauri 6.10, tsawon 60 zai ba da niyutan 61 a wuri na farko da kusan 153 a na biyu. In niyutan 150 ɗin nan ne abin da injin ya fi buƙata, tsawon sake ya kamata ya koma 59.6, domin 150 a raba da 6.10 ya ba da 24.6, a haɗa da 35. Wannan ne ya sa ba a ɗaure mai naɗi ta ko'ina. In ka tilasta masa ƙarfi a wurare biyu, to ka rubuta tsawon sake da yawan zagaye a matsayin jagora kawai, ka bar shi ya ɗan motsa su gwargwadon wayar da ta zo hannunsa. In kuwa ka tilasta masa tsawo da zagaye da waya da faɗi, ƙarfin da ya fito shi za ka karɓa.

Idan sifirin ya iso, ana iya gwada shi ko ba injin gwaji. A ɗora shi a kan sikeli, a danna shi da abin da ke sauka a miƙe, kamar kan injin huda ƙarfe na tebur a kashe, a kai shi milimita 50 a karanta, a kai shi 35 a sake karantawa. Ya kamata a ga kusan kilo 6.2 da kilo 15.5. Bambancin karatun biyu ake rabawa da 15 don a sami tauri, ba karatun farko da aka fara daga tsawon sake ba, domin a milimitocin farko bakin bai gama zama ba, sifirin yakan nuna laushin da ba nasa ba. In karatun biyu duka sun gaza da adadi ɗaya, tsawon sake ne ya gaza. In na farko ya yi kusa amma na biyu ya zarce da nisa, a ƙirga zagaye a sake auna wayar.